Naira Biyun da Babu Wanda Ya Sata: Abin da ke Sa Jimillar Kwamfuta Saɓa wa ta Kalkuleta

A ce an ba ka naira dubu ɗari ka raba wa mutum uku daidai wa daida. Ka buɗe Excel, ka sa ta yi rabon, ka kuma ce ba ka son ganin kobo. Za ta rubuta 33,333 a gaban sunan kowa, sannan a ƙasan jerin ta rubuta jimilla 100,000. Wanda ka miƙa wa takardar, in mai bin diddigi ne, zai jawo kalkuleta ya tara 33,333 sau uku, ya sami 99,999. Naira ɗaya ta yi ɓatan dabo, alhali babu wanda ya taɓa kuɗin.

Naira ɗaya ba ta sayen komai a yau, amma tana iya hana takarda wucewa. Odita ba ya sa hannu a kan jerin da bai haɗu ba, kuma yana da gaskiya, domin daga inda yake zaune ba shi da hanyar sanin ko naira ɗayar ce kaɗai matsalar, ko kuwa ita ce ta leƙo daga wata ɓarna da ta fi ta girma. Shi kuma akanta zai rantse cewa kwamfuta ba ta kuskuren tarawa, kuma shi ma bai yi ƙarya ba. Gardamar takan yi tsawo ne saboda kowannensu yana zaton lambobi ɗaya suke tarawa. Ba ɗaya ba ne.

Lamba biyu a akwati ɗaya

Kowane akwati a shafin Excel, da na 'yan uwanta irin su LibreOffice Calc da Google Sheets, yana da fuska biyu. Akwai lambar da manhajar ta ajiye, wadda da ita take lissafi, akwai kuma wadda take nuna wa ido. A rabon da muka fara da shi, abin da ta ajiye shi ne 33,333.3333333333, domin Excel tana riƙe lamba har zuwa alƙaluma 15. Abin da ta nuna kuwa 33,333 ne, saboda haka aka umarce ta. Da aka zo tarawa, ba ta waiwayi abin da ke kan allo ba. Ta tara na ajiye sau uku, ta sami dubu ɗari cif.

Umarnin da ke raba fuskokin nan biyu kusan kowa ya taɓa ba da shi ba tare da ya lura ba. Shi ne ɗan maɓallin nan na `Decrease Decimal` da ake latsawa don a rage alƙaluman bayan ɗigo, ko zaɓin da ake yi a `Format Cells`. Wani lokaci ma ba sai an latsa komai ba: in akwatin yana kan tsarin `General` kuma aka matse faɗinsa, manhajar da kanta za ta rage alƙaluman da take nunawa don lambar ta shiga. A duk waɗannan labule kawai aka saki a kan kobon, suna nan a bayansa, kuma duk fomular da ta taɓa akwatin tana ganin su.

Ƙa'idar da ake bi wajen dunƙule lambar da za a nuna ita ce wadda aka koya mana a firamare. In 'yan kan ba su kai rabi ba a zubar da su, in sun kai rabi ko sun wuce a cike su zuwa lamba ta gaba. Don haka 618.75 ta zama 619, 1,151.25 ta zama 1,151, ita kuma 937.50, da take tsaka-tsaki, a cike ta ta zama 938. A riƙe wannan ta ƙarshen, za mu dawo gare ta.

Takardar kaya shida

Mu ɗauki takardar kuɗi ta wani kamfanin sayar da kayan gini, wanda zai ɗora harajin VAT a kan kaya shida. Harajin a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun watan Fabrairun 2020, lokacin da aka ɗaga shi daga kashi 5. Farashin yana jerin B, harajin yana jerin C, kuma fomular layin farko da ta jimilla su ne:

```
=B2*7.5%
=SUM(C2:C7)
```

Mai haɗa takardar ya ga kobo na cika masa ido, kuma ai babu mai biyan kobo a kanti, sai ya ɓoye su. Ga abin da ya faru:

| Kaya | Farashi | Harajin da aka ajiye | Harajin da aka nuna |
|---|---|---|---|
| Fenti | 12,500 | 937.50 | 938 |
| Wayar lantarki | 8,250 | 618.75 | 619 |
| Ƙusa | 4,900 | 367.50 | 368 |
| Kan famfo | 15,350 | 1,151.25 | 1,151 |
| Kwado | 6,450 | 483.75 | 484 |
| Burushi | 2,900 | 217.50 | 218 |
| Jimilla | 50,350 | 3,776.25 | 3,776 |

Jeri na uku ba ya fitowa a takardar da aka buga. Mai saye jeri na huɗu kaɗai yake gani, kuma in ya tara 938 da 619 da 368 da 1,151 da 484 da 218, abin da zai samu 3,778 ne. Takarda ta ce 3,776. Naira biyu ke nan a tsakani.

Ana iya bin sawun naira biyun nan layi bayan layi. A kan fenti an nuna ƙarin kobo 50 da babu su a ajiye, haka a kan ƙusa, haka a kan burushi, naira ɗaya da rabi ke nan. Waya da kwado kowanne ya sami ƙarin kobo 25, an kai naira biyu. Kan famfo kaɗai aka rage wa kobo 25, sai ya koma naira ɗaya da kobo 75. Ita ma jimillar kanta an dunƙule ta, an zubar mata da kobo 25 daga 3,776.25, to ga cikon naira biyun.

Abin lura shi ne babu lamba ko ɗaya a jeri na huɗu da za a nuna da yatsa a ce kuskure ce. Kowace ita ce naira mafi kusa da ainihin harajin layinta, 3,776 kuma ita ce naira mafi kusa da ainihin harajin duka. Abin da kawai ya faru shi ne hanyoyi biyu ne: a tara sannan a dunƙule, ko a dunƙule sannan a tara. Kwamfuta ta bi ta farko, mai kalkuleta ya bi ta biyu, kuma babu wata ƙa'idar lissafi da ta ce sai sun haɗu a wuri ɗaya.

Iya nisan da saɓanin zai iya yi

A nan ne ilmin yake da amfani ga mai duba takardun kuɗi, domin irin wannan saɓani yana da iyaka da ba ya ƙetarewa. Dunƙulewa ba ta iya matsar da lamba fiye da rabin ma'aunin da aka nuna. In naira ake nunawa, kowane layi ba zai kauce da fiye da kobo 50 ba. Layi shida ba za su wuce naira 3 ba ko da duka sun karkata gefe guda, sai a ƙara rabin naira na jimillar kanta. Saboda haka naira biyu a takardarmu tana cikin hurumi. Da naira 40 aka gani a kan layi shida, to a daina ɗora wa dunƙulewa laifi, a nemi dalilin a wani wuri: ko akwai layin da aka ɓoye amma yana shiga jimilla, ko `SUM` ta tsaya a layi na shida ta bar na bakwai, ko an shigar da wata lamba a matsayin rubutu, wadda `SUM` take tsallakewa ba tare da ta ce uffan ba, ko kuma wani ya goge fomular jimillar ya buga lamba da hannu.

Sai dai a kula da ma'aunin. Rahoton shekara na manyan kamfanoni da bankuna yakan zo da dubbai ko miliyoyi, a rubuta N'000 a saman jeri. A irin wannan takarda saɓanin 1 a jimilla naira dubu ce, kuma rabin ma'aunin naira 500 ne a kowane layi. Ƙa'idar ba ta canza ba, girman ma'aunin ne ya canza.

Galibi saɓanin ba ya kaiwa kusa da iyakarsa, domin cikewa da zubarwa suna cin juna. In 'yan kan sun bazu ko'ina tsakanin kobo ɗaya da kobo 99, jeri mai layi ɗari yakan kauce da kamar naira uku ne, sama ko ƙasa, ba naira hamsin ba. Wannan ne ya sa ake yawan cewa abin yana share kansa.

Amma a kasuwarmu ba ya share kansa, kuma dalilin yana cikin yadda muke sa farashi. Kaya a yau kuɗinsu yana ƙarewa ne da ɗari ko hamsin. Kashi 7.5 na naira 100 shi ne naira 7 da kobo 50, na naira 200 kuma naira 15 cif. Ke nan in duk farashin ɗari-ɗari ne, harajin kowane layi ɗayan biyu ne: ko ya fito ba 'yan kai sam, ko ya fito da kobo 50 daidai. Kobo 50 kuwa, kamar yadda muka gani, kullum cike ta ake yi. Babu layin da za a rage wa ko sisi. Kusan rabin layukan za su hau da rabin naira, sauran su tsaya inda suke, don haka jeri mai layi 400 zai fi jimillarsa da wajen naira ɗari, kuma kowane wata gefe guda zai karkata. Wanda ya ga haka wata bayan wata yana iya fara zargin ma'aikaci, alhali haɗuwar 7.5 da farashin ɗari-ɗari ce ta haifar da shi. Dubi takardarmu ma: uku daga cikin layuka shida da kobo 50 suka ƙare, kuma su ne suka kawo mafi yawan saɓanin.

Yadda ake tabbatarwa

Hanya mafi sauri ita ce a ɗaga labulen. A zaɓi jerin, a latsa `Increase Decimal` sau biyu ko uku, a ga ko wasu alƙaluma za su ɓullo. In lambar da hannu aka buga ta, latsa akwatin kawai ya isa, domin cikakkiyarta za ta bayyana a dogon layin da ke saman shafin. In kuwa fomula ce a ciki, fomular za a gani a can, ba sakamakonta ba, shi ya sa ƙara alƙaluman ya fi.

In jerin yana da tsawo, akwai fomula ɗaya da take yin aikin mai kalkuleta, ta dunƙule kowane layi ta tara, sannan ta cire jimillar da aka nuna:

```
=SUMPRODUCT(ROUND(C2:C7,0))-ROUND(SUM(C2:C7),0)
```

A takardarmu za ta ba da 2. In abin da ta bayar ya yi daidai da saɓanin da ake gardama a kai, magana ta ƙare. In bai yi daidai ba, ragowar ita ce ainihin abin bincike.

Akwai wani tarko da yakan rikita binciken. Idan aka adana shafin a matsayin fayil na CSV don a tura wa wata manhaja, ko aka kwafe shi zuwa Word, ko aka mai da shi PDF, lambar da aka nuna ce take tafiya, ta ajiye tana zama a gida. Wanda ya karɓi fayil ɗin a ɗaya ofishin zai ga 938 ba tare da komai a bayanta ba, ya tara ya sami 3,778, kuma duk yadda ya ƙara alƙaluma sifili kawai zai gani. Ofisoshi biyu, kowanne da Excel a gabansa, kowanne da jimillarsa.

Kada a haɗa wannan da wani ciwo na daban da yake kama da shi. Kwamfuta tana ajiye lamba da tsarin sifili da ɗaya, kuma a wannan tsari lamba irin 0.1 ba ta zama cif, kamar yadda sulusi ba ya zama cif a namu tsarin. Shi ya sa `=1*(0.5-0.4-0.1)` a Excel take ba da wata 'yar mitsitsiyar lamba maimakon sifili. Amma wannan can nesa yake faruwa, wajen alƙalami na goma sha shida ko sha bakwai bayan ɗigo. Ba shi ne ke cin naira biyu a takarda mai layi shida ba.

Magani, da inda maganin ke zama cuta

Ga takardar kuɗi, maganin shi ne a sa lambar ajiye ta zama ita ce ta nuni. Ana yin haka da `ROUND`, wadda ba ɓoye 'yan kai take yi ba, cire su take yi daga abin da za a ajiye:

```
=ROUND(B2*7.5%,0)
```

Sifilin ƙarshe yana nufin ba a son komai bayan ɗigo. Yanzu akwatin fenti 938 yake ɗauke da ita ciki da waje, jimilla ta zama 3,778, kuma kowa ya tara zai samu haka. A lura dai an biya farashi: mai saye zai ba da naira ɗaya da kobo 75 fiye da ainihin kashi 7.5 na 50,350. Wata hanyar ita ce kada a nuna haraji a kowane layi, a tara farashin duka, a fitar da harajin sau ɗaya a ƙasa. Ta uku kuma, wadda a ganina ta fi sauƙi ga kuɗin da ta banki za a biya, ita ce a bar kobon a fili, a sa 2 a madadin sifilin. A takardarmu wannan ya kashe maganar gaba ɗaya, 3,776.25 sama da ƙasa. Amma nuna kobo kaɗai ba tare da `ROUND` ba bai isa ba, domin kayan naira 999 harajinsa 74.925 ne, za a nuna 74.93, sai gardamar ta sauko daga naira ta koma kobo. Duk wadda kamfani ya zaɓa a cikin ukun, abin da ake bukata shi ne ta zama ita ce a takardar mai saye, ita ce a littafin akanta. A Nijar, inda harajin TVA yake kashi 19 kuma sefa ba ta da ƙaramin kuɗin da ake kashewa a ƙarƙashinta, zaɓin barin kobo ma babu shi, kuma mai Excel ta Faransanci `ARRONDI` zai rubuta, da `;` a madadin waƙafi.

Dalilin da ya sa kuɗin biya yake bukatar wannan a bayyane yake. Banki ba ya tura sulusin kobo. A rabon dubu ɗarin nan, in an tura wa kowa 33,333.33, abin da ya fita 99,999.99 ne, kobo ɗaya ya maƙale a asusu. Dole wani ya karɓi 33,333.34, kuma yadda ake yi shi ne a dunƙule kason biyun farko, na ukun kuma a ba shi abin da ya rage bayan an cire nasu daga jimillar.

To amma wanda ya koyi `ROUND` yau, gobe sai ka ga ya watsa ta a kowane akwati, kuma nan ne ake yin asarar da ta fi naira biyu. A ce katan mai ɗauke da guda 12 ana sayar da shi naira 16,000. Kuɗin guda ɗaya 1,333.33 ne da 'yan kai marasa ƙarewa, allo ya nuna 1,333. Wani ya yi odar guda 300. Kwamfuta za ta ce 400,000, mai kalkuleta ya ninka 1,333 sau 300 ya sami 399,900. A nan kwamfutar ce da gaskiya ba tantama, domin guda 300 katan 25 ne, katan 25 kuma a kan 16,000 dubu ɗari huɗu ne. Wanda ya sa `ROUND` a kan kuɗin guda ɗaya don takarda ta yi kyau ya yafe naira ɗari bai sani ba. A tarawa kowane layi rabin naira kawai yake iya kaucewa, amma a ninkawa ɗan abin da aka zubar shi ma ninka shi ake yi, iyakar nan da muka yi magana a kai ba ta aiki.

Mafi muni shi ne a ɓoye 'yan kan kason kansa. Akwatin da ke ɗauke da 7.5%, in aka rage masa alƙalami ɗaya, 8% zai nuna. Mai duba takarda ya fitar da kashi 8 na 50,350 ya sami 4,028, ya ga an rubuta 3,776, ya ce an rage wa gwamnati naira 252.

Bambancin da ya kamata a riƙe ke nan. Lambar da take kan hanya, wadda za a ninka ko a raba nan gaba, irin kuɗin guda ɗaya ko farashin canji ko kaso, a bar ta da cikarta, in da hali ma a nuna ta da alƙaluma masu yawa. Lambar da ta iso masauki, wadda wani zai biya ko ya karɓa, ita ake dunƙulewa, sau ɗaya.

Malaman makaranta suna da nasu kason a wannan. Ɗalibi ya sami 69.6, takardar sakamako ta nuna 70, amma a gefe an rubuta B, domin fomular da ke ba da A ga wanda ya kai 70 tana kallon 69.6 ne. Ko 69.6 ta cancanci A hukunci ne na hukumar makaranta, ba na manhaja ba. In an yarda a cike, a sa `ROUND` kafin a gwada makin. In ba a yarda ba, a nuna 69.6 a fili, kada a buga takardar da take ƙaryata kanta.

Maɓallin da ba shi da komowa

Excel tana da wani zaɓi da yake kama da maganin komai a lokaci guda. Sunansa `Set precision as displayed`, yana ƙarƙashin `File`, `Options`, `Advanced`, kuma LibreOffice tana da makamancinsa, `Precision as shown`. In aka kunna shi a Excel, kowace lamba a fayil ɗin za ta koma abin da take nunawa. Manhajar tana gargaɗi kafin ta aikata, kuma gargaɗin ba na wasa ba ne: lambobin da aka buga da hannu suna rasa 'yan kansu har abada, kashe zaɓin daga baya ba ya dawo da su. Kason nan na 7.5% da yake nuna 8% zai zama 8% na gaske. Kuma ba jerin da ke damun ka kaɗai yake taɓawa ba, har shafukan da ka manta da su. Ni dai ban ga aikin da yake yi wanda `ROUND` a wuraren da aka zaɓa ba za ta yi ba, kuma ita kowa yana iya ganin ta a cikin fomula.

Abin da zubar da alƙaluman ajiya ke iya jawowa ya taɓa bayyana a kasuwar hannayen jari ta Vancouver da ke Kanada. A farkon 1982 kasuwar ta ƙaddamar da sabon ma'aunin farashi, ta fara shi a kan 1,000.000. Ana sake lissafa shi duk lokacin da aka yi ciniki, kusan sau dubu uku a rana, kuma a kowane karo manhajar takan yanke duk abin da ya wuce alƙaluma uku bayan ɗigo, ba ta cikewa, zubarwa kawai take yi. Sannan ta ɗora lissafi na gaba a kan yankakkiyar lambar. Abin da ake rasawa a kowane karo bai kai 0.001 ba, amma kullum ƙasa yake ja. Zuwa ranar Juma'a 25 ga Nuwamban 1983 ma'aunin ya sauko 524.811, a lokacin da farashin hannayen jarin bai yi irin wannan faɗuwa ba. Da aka sake lissafin da cikakkun lambobi a ƙarshen makon, sai aka buɗe kasuwa ranar Litinin a kan 1,098.892.

Kaso cikin ɗari da ya kai 101

Akwai wurin da babu `ROUND` ɗin da za ta daidaita, wato jerin kaso. A ce ƙungiya ta kashe naira miliyan ɗaya: 456,000 a albashi, 317,000 a kayan aiki, 227,000 a sufuri. Kason su ne 45.6 da 31.7 da 22.7, in aka dunƙule su zama 46 da 32 da 23, jimilla 101. A nan ba a iya cewa to jimilla ta koma 101 kamar yadda muka mai da haraji 3,778, domin kowa ya san ɗari ce.

Wannan ba baƙon abu ba ne ko kaɗan. Masanin ƙididdiga Frederick Mosteller da abokan aikinsa sun nazarci lamarin a 1967, suka nuna cewa in kaso uku ne, jerin yakan haɗu ya ba da ɗari a kusan sau uku cikin huɗu, in huɗu ne kuma sau biyu cikin uku, yana ci gaba da raguwa gwargwadon yawan kason. Ke nan tebur mai kaso da yawa da ya ba da 99 ko 101 ba abin zargi ba ne. Shi ya sa hukumomin ƙididdiga da masu binciken jin ra'ayi suke sa ɗan layi a ƙasan tebur cewa jimilla tana iya saɓawa saboda dunƙulewa, su bar lambobin yadda suke.

In kuwa dole ne jerin ya haɗu, kamar a rabon kujeru ko na buhuna inda ba a raba guda biyu, akwai hanyar da aka daɗe ana bi, wadda ake jingina wa Alexander Hamilton tun shawarar da ya bayar a 1792 kan rabon kujerun majalisar wakilan Amurka. A fara zubar da 'yan kan kowa, a sami 45 da 31 da 22, jimilla 98. Saura biyu. Sai a ba masu 'yan kai mafi girma ɗaya-ɗaya, wato kayan aiki da sufuri da kowanne ke da 0.7, su zama 32 da 23. Albashi mai 0.6 ya tsaya a 45, jeri ya ba da ɗari cif. Amma yanzu an rubuta 45 a wurin da ainihin lambar 45.6 ce, kuma mai karatun da ya raba 456,000 da miliyan ɗaya zai tambayi dalili. Saɓanin bai tafi ko'ina ba, an ɗauke shi ne daga jimilla an ɗora wa layi ɗaya, don haka wanda ya bi wannan hanya shi ma sai ya rubuta a ƙasan teburin cewa an daidaita kason albashi don jerin ya cika ɗari.